Yadda Uwar Adashi Ke Karanta Littafi a Bainar Jama'a

A ce mata 10 ne ke zuba naira 5,000 duk Juma'a, mai kwasa tana jiran 50,000. Ranar zubi na 6, uwar adashi ta ɗauki hoton littafin da wayarta, ta nuna wa kowa. Kowace mace tana da layinta, kowace Juma'a tana da gidanta, duk gidan da babu alama bashi ne.

Sai ta ce: "'Yan uwa, wadda ta cika tana da alama 6, wato 30,000. Takwas sun cika. Hajiya mai lamba 4, ana binki zubi 2, naira 10,000. Yaya mai lamba 9, naki 1 ne, 5,000. Shi ya sa kwasar makon jiya da ta yau suka zo da giɓi. Mai shaidar biya ta kawo, a gyara."

Bashin mai lamba 4 ya fi nauyi, domin ta riga ta kwashe, kuɗin mutane ne a hannunta. Mai lamba 9 kuwa za a iya cire nata ranar kwasarta. A kuma duba ranar ɗaukar hoton, don tsohon hoto yakan kunyata wadda ta biya.