Gonar Gida a Takardar Neman Digiri na Biyu

Yawancin ɗaliban noma suna buɗe takardar bayanin kai da cewa a gona suka tashi. Malamin Samaru da zai karanta ya ga irinta barkatai, ba za ta tsayar da shi ba. Matsala ɗaya yake nema wadda idonka ya gani.

A ce ƙuduji ya addabi dawar mahaifinka. Rubuta cewa a gefen da ƙasa ta gaji ya fi yawa, inda aka zuba takin dabbobi kuwa ya ragu. Sai ka mayar da wannan tambayar bincike: shin juya shuka da waken suya zai rage irinsa a ƙasa, kuma cikin damina nawa? Labarin yarinta kada ya wuce sakin layi guda.