Me ya sa Ɗanladi ke komawa bayan Zainab?

Ka ɗauki rajistar wani aji a Maraɗi mai sunaye shida: Zainab, Émile, Bala, Ɗanladi, Fatima da Dauda. Ka ce wa kwamfuta ta jera su. Sau da yawa abin da za ta ba ka shi ne Bala, Dauda, Fatima, Zainab, sannan Émile da Ɗanladi a can ƙarshe.

Dalili shi ne kwamfuta ba harafi take gani ba, lamba take gani. A tsarin Unicode kowane harafi na da tasa: A ita ce 65, Z kuma 90. Amma É tana kan 201, Ɗ kan 394, Ƙ kan 408. In manhaja ta bi waɗannan lambobi kawai, duk sunan da ya fara da wasali mai alama a ka ko baƙi mai ƙugiya sai ya faɗa bayan Z. Wanda ya duba tsakanin D da F bai ga sunansa ba sai ya ɗauka an cire shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a jerin biyan albashi ko sakamakon jarrabawa.

Maganin shi ne a faɗa wa manhajar harshen da za ta bi. A JavaScript ga bambancin:

```js
sunaye.sort();
sunaye.sort(new Intl.Collator("ha").compare);
```

Layin farko lambobi yake bi. Na biyu ƙa'idar Hausa yake bi, sai ya ba da Bala, Dauda, Ɗanladi, Émile, Fatima, Zainab.

Lura da yadda aka yi da sunayen biyu, domin ba hanya ɗaya aka bi ba. É an ɗauke ta a matsayin E, ba a waiwayar alamar kanta sai in sunaye biyu sun yi kunnen doki a dukkan haruffansu. Ɗ kuwa harafi ce mai zaman kanta, don haka sai duk masu D sun wuce kafin ta shigo. Shi ya sa dole a ambaci harshe. Jamusawa na ajiye ä tare da a, mutanen Suwidin kuwa bayan z suke kai ta, kuma kowa daidai ya yi a harshensa.

Sai dai tsarin ba ya gyara kuskuren mai buga rubutu. In an rubuta Danladi babu ƙugiya, cikin masu D zai zauna. Haka kuma ba kowace manhaja ce ke ɗauke da ƙa'idar Hausa ba, wasu kan koma wata ƙa'idar ba tare da gargaɗi ba. Gwajin mai sauƙi ne: jera Shehu da Sule. A ƙa'idar Hausa "sh" harafi ɗaya ne da ke bin bayan s, saboda haka in Shehu ya riga Sule fitowa, ba Hausa manhajar ke bi ba.