Yadda Hoto Ke Komawa Zanen Fensir a Kwamfuta

Ranar da na fara gwada abin, sai da gabana ya faɗi. Hoton kawuna ne a kan allon kwamfuta, da hularsa mai aiki da farin gemunsa, ina bin matakan da wani abokina mai shagon buga hotuna ya rubuta mini a bayan wata ambulan. Ina kaiwa mataki na huɗu sai hoton ya ɓace ɗungurungum, allo ya yi fari fat, in ban da 'yan ɗige-ɗigen baƙi a wajen ƙwayar ido. Na kira shi na ce, "Malam, na fa ɓata hoton." Ya yi dariya ya ce, "Yauwa, ai yanzu ka kama hanya. Da bai yi fari ba, da ka yi kuskure."

Dabarar tsohuwa ce a wajen masu gyaran hoto, kuma ba ta buƙatar iya zane. Ana yin ta a Photoshop, ana yin ta a GIMP wanda kyauta ne, haka ma a Photopea da ake buɗewa kai tsaye a intanet. Abin da kawai ake nema shi ne manhaja mai barin mutum ya ɗora hoto a kan hoto, kamar fallayen takarda, falle bisa falle. Kowane falle sunansa Layer a kan allo.

A Photoshop ga yadda aikin yake. Ka buɗe hoton ka zare masa launi da Ctrl+Shift+U, ya koma baƙi da fari. Ka kwafi fallen da Ctrl+J, ya zama kana da biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na saman shi za ka juya da Ctrl+I, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi, irin yadda fuska ke fitowa a fim ɗin kyamarar da idan an ɗaga shi a rana. Daga nan ka je wurin da aka rubuta Normal a saman jerin fallayen ka canza shi zuwa Color Dodge. Nan ne allo zai yi fari. Sai ka shiga Filter > Blur > Gaussian Blur ka fara jan ma'aunin Radius a hankali, kana kallo layuka na fitowa daga cikin farin, ido, gira, bakin hula, kamar ana zanawa a gabanka. A GIMP sunayen sun ɗan bambanta: Desaturate da Invert suna ƙarƙashin Colors, yanayin haɗin kuma Dodge kawai ake kiran sa.

Matakan ke nan, ko minti biyu ba su kai ba. Amma wanda ya haddace su bai san dalilinsu ba, ranar da hoto ya ƙi yin kyau ba zai san inda zai taɓa ba. Dalilin kuwa rabawa ce irin ta 'yan firamare.

Hoton baƙi da fari tarin ƙananan ɗigo ne, kowanne da lambarsa daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari tas. Juyawa tana nufin a ɗebe lambar ɗigo daga 255, wato mai 100 ya koma 155. Shi kuma Color Dodge raba na ƙasa yake yi da abin da ya rage wa na sama ya cika 255. Sunan ya samo asali daga ɗakin wankin hoto na da, inda mai wanki kan tare haske da ɗan kwali ko da hannunsa domin wani sashen hoton ya fito da haske. To da yake mun riga mun juya fallen sama, abin da ya rage masa ya cika 255 shi ne lambarsa ta asali. Ɗigo mai 100 ana raba shi da 100, a sami ɗaya, a ninka da 255. Mai 30 ana raba shi da 30, amsa ɗaya ce. Kowane ɗigo an raba shi da kansa, shi ya sa allo ke yin fari. 'Yan ɗigon baƙin da na gani a idon kawuna su ne masu lamba 0, waɗanda Photoshop ke bari a yadda suke.

Dusashewar ce ke rushe wannan daidaito. Gaussian Blur, wanda ya ci sunan masanin lissafin nan Bajamushe Carl Friedrich Gauss, yana maye lambar kowane ɗigo da matsakaicin lambobin maƙwabtansa, yana ba na kusa nauyi fiye da na nesa. Da zarar an yi haka, ɗigo ya daina rabuwa da kansa, ya koma rabuwa da unguwarsu. Dukan dabarar a layi ɗaya take:

```
sakamako = ɗigo × 255 ÷ matsakaicin maƙwabta
```

Mu koma fuskar kawu. A tsakiyar kumatu, inda fata take sumul, ɗigo na da 100, maƙwabtansa ma 100, sai ya zama 255, farar takarda. A kan gira kuwa, a ce ɗigo na da 40 amma matsakaicin kewayensa 120 ne saboda hasken goshi. Lissafi ya ba da 85, layi mai duhu ke nan. Ɗigon goshi da ke dab da girar, mai 150, ya fi matsakaicin unguwarsu haske, amsarsa ta haura 255, sai a datse ta a 255, fari ke nan. Wato ɗigon da ya fi maƙwabtansa duhu shi kaɗai ke barin alama.

Wannan ya bayyana abubuwa biyu da kan ba mutane mamaki. Na farko, baƙar fata da farar fata duk takarda suke komawa, domin lissafin bai damu da duhun wuri ba, bambancinsa da na kusa da shi yake dubawa. Na biyu, layi kullum a ɓangaren duhu na kowace iyaka yake faɗawa. Farin gemun kawu bai fito da ko zare ɗaya na kansa ba. Fatar da ke kewaye da shi ce ta yi duhu, ita ta fitar da siffarsa. Farar babbar rigarsa kuma ta kusa ɓacewa, sai inda ta yi ninki da inda aikin wuya yake. Hular ce ta fi komai kyau, don ɗinkinta cike yake da ƙananan iyakoki, kowane zare da layinsa.

Yanzu batun Radius, wanda shi ne ke faɗin girman unguwar. Hoton nawa faɗinsa ɗigo 3000 ne, tsayinsa 4000. Da na sa 4, layukan sun fito siriri kamar na fensir mai tsini, amma fuskar ba ta da jiki, kamar an zana ta da waya. A wajen 25 inuwa ta fara bayyana a ƙarƙashin ido da gefen hanci, a nan ne ya yi kama da aikin hannu. Da na kai 150, sai zanen ya gudu, abin ya koma hoton baƙi da fari da ya koɗe, domin idan unguwa ta kusa cinye fuskar gaba ɗaya, kusan da lamba guda ake raba kowa. Na tsaya a 22. Sai dai kada wani ya ɗauki 22 ya riƙe kamar laya. Ma'aunin da ɗigo ake ƙirga shi, don haka hoton da faɗinsa 750 ne, kashi ɗaya cikin huɗu na nawa, 5 ko 6 zai ba shi irin wannan kamanni. Wanda ke son ya riƙa komowa yana canza lambar, ya mayar da fallen saman Smart Object bayan ya juya shi, kafin ya sa dusashewar.

Inda dabarar ta fi ba da kunya shi ne wurare masu duhu sosai, kuma lissafin ya nuna dalili. A wuri mai haske, ɗigo mai 200 a cikin maƙwabta masu 202 zai ba da wajen 252, ido ba zai gani ba. A wuri mai duhu, ɗigo mai 10 a cikin masu 12 zai ba da wajen 212, toka ce da ake gani sarai. Bambancin biyu ne a duka wuraren, amma rabawa ta kumbura na duhun. Hoton da aka ɗauka da waya da daddare yana da irin waɗannan ƙananan bambance-bambance birjik a cikin inuwarsa, shi ya sa yake fitowa kamar an watsa masa yashi.

Na ga wannan da idona lokacin da ƙanwata ta turo mini hoton mahaifiyarmu ta WhatsApp, sanye da baƙin mayafi. WhatsApp kan matse hoto ya rage nauyinsa, a ido ba a lura, amma ina jan Radius sai mayafin ya cika da ƙananan murabba'ai kamar tayil ɗin banɗaki. Waɗannan tabon matsewar JPEG ne, wanda ke yanka hoto gida-gida, ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance. Maganin shi ne a nemi hoton asali, a turo shi a matsayin Document, wanda ba a matse shi. In babu na asali, a ɗan lallashi fallen ƙasa da Reduce Noise tun kafin a kwafe shi, a kuma haƙura da abin da aka samu.

Yawanci zanen kan fito da rauni, kamar fensirin bai ci ba. Ctrl+Shift+Alt+E zai tattara abin da ake gani a sabon falle. Ka buɗe Levels da Ctrl+L, ka ja ɗan ma'aunin tsakiya zuwa dama har layukan su yi ƙarfi. Akwai masu kwafar fallen su sa shi a Multiply, hakan ma na ƙara duhu, sai dai ni na fi son Levels don ya fi ba da iko. Kowanne ka bi, yashin zai ƙara fitowa tare da layukan, saboda haka a tafi da sannu.

Gaskiya dai mai zane na ainihi ba zai ruɗu da sakamakon ba. Shi yana zaɓar abin da zai zana, ya ba ido ƙarfi, ya bar kafaɗa da layi biyu, kuma ana ganin inda hannunsa ya karkata. Lissafi ba ya zaɓe. A hoton kawu, tsagar bangon da ke bayansa da wayar lantarkin da ta ratsa ta fito da ƙarfi daidai da idonsa. Wannan gyaran da hannu ake yin sa. Na buɗe sabon falle a sama, na ɗauki Brush mai laushin baki da farin launi, na rage Opacity zuwa 30, na riƙa shafe bangon a hankali, na bar gefen rigar yana narkewa cikin fari kamar mai zane ya gaji ya ajiye fensir. Nan ne na fi ɓata lokaci, kusan rabin awa, bayan sauran aikin duk bai wuce minti biyar ba.

Da na kai shagon abokina don bugawa, sai ya ture takarda mai sheƙi gefe ya jawo maras sheƙi mai ɗan kauri. Ya ce zanen fensir a kan takarda mai ƙyalli tun daga nesa ake gane na inji ne. Muka buga a girman A4. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni inda na kai masa rigarsa.