In Ji Wa? Yadda Ake Bin Sawun Magana Har Zuwa Mai Ita

Ba a cika tashi daga taron lacca a Yola ko Jimeta ba, musamman idan zancen shugabanci ake yi, sai wani ya miƙe ya ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya faɗa cewa mulki kan ɗore da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Malamai na kawo ta a wa'azi, 'yan siyasa na jefa ta a lokacin yaƙin neman zaɓe, ɗalibai a Jami'ar Modibbo Adama na buɗe muhawara da ita. Ba abin mamaki ba ne a ce sunan Shehu yana da wannan nauyi a nan. Daga hannunsa Modibbo Adama ya karɓo tuta a wajen 1809, kuma daga wannan tuta aka samu masarautar Fombina, wadda Yola ta zama fadarta a 1841. A irin wannan gari, in aka ce "Shehu ya ce", galibi gardama ta ƙare.

To, shin Shehu ya faɗe ta kuwa? E, ya rubuta ta. Amma ba shi ya fara faɗinta ba, kuma bin sawun wannan jimla ɗaya ya isa ya koya wa mutum kusan duk abin da ake buƙata wajen tantance magana.

Tambayar farko ita ce, a wane littafi? Wannan jimla tana da amsa, abin da yawancin maganganun da ke yawo ba su da shi. Tana cikin Bayanu Wujubil Hijira alal Ibad, littafin da Shehu ya kammala a 1806, shekara biyu bayan hijirarsa daga Ɗagel zuwa Gudu, lokacin da jama'arsa ke cikin yaƙi kuma ake buƙatar a tsara yadda za a tafiyar da mulki. Da Larabci ya rubuta shi. Wani masani mai suna Fathi Hasan al-Masri ya tace rubutun, ya fassara shi da Turanci, aka buga a 1978. Wanda ya tsaya nan zai ce magana ta tabbata, tunda ga littafi, ga shekara.

Sai dai akwai tambaya ta biyu, wadda mutane da yawa ke tsallakewa: shin akwai wanda ya riga shi faɗa? Duk wanda ya taɓa zama gaban malami da littattafan Shehu ya san salonsa. Yakan kafa mas'ala, sannan ya jero aya da hadisi da maganganun malaman da suka gabata, sau da yawa har da sunan littafin da ya ɗebo daga ciki. Bai ɗauki kansa a matsayin mai ƙirƙirar zance ba, mai tattaro hujja ne don jama'arsa. Saboda haka duk jimlar hikima da aka tsinta a littafinsa, ya kamata a waiwaya baya a duba.

In an waiwaya, sai a tarar da ita a Bagadaza. Alƙali al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya kawo ta a littafinsa Adabud Dunya wad Din, kuma shi ma bai ce tasa ba ce: ya jingina ta ga wani daga cikin masu hikima, bai ambaci suna ba. Tsakanin rasuwar al-Mawardi da haihuwar Shehu a 1754 akwai kusan shekara 700. Wazirin Saljuƙawa, Nizamul Mulk, wanda aka kashe a 1092, ya saka ta a Siyasat Nama, littafin da ya rubuta da Farisanci don yi wa sarkinsa nasiha. A Nasihatul Muluk kuma, littafin da ake danganta wa Imam al-Gazali, an ɗaga ta sama an kawo ta a matsayin hadisi, alhali ba ta cikin sanannun littattafan hadisi shida. Ga kuma wani abin lura: masana na tababa ko al-Gazali ne ya rubuta kashi na biyu na wannan littafi. Jimla ɗaya ke nan ta tashi daga bakin wani mai hikima da ba a san sunansa ba, ta biya ta fadar Saljuƙawa, aka jingina ta ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sannan a ƙasarmu ta zama ta Shehu.

Wannan bai rage wa Shehu komai ba. Zaɓo wannan jimla da ya yi, ya ajiye ta a gaban mutanen da ke shirin karɓar mulki, shi kansa aiki ne na mai hangen nesa. Abin da ya dace a ce kawai shi ne Shehu ya kawo ta a littafinsa, kuma tsohuwar hikima ce ta malaman Musulunci. Ce mata hadisi kuwa ganganci ne babba, domin jingina wa Annabi abin da bai tabbata daga gare shi ba yana da tsananin gargaɗi a addini.

Daga nan ana iya ganin yadda ɓatan ke faruwa. Mai kwafa yakan ɗauki jimla ya bar "wane ya ce" da ke gabanta, sai mai riwaya ya koma mai magana. Sannan babban suna yana janyo maganganu kamar yadda inuwar babbar bishiya ke tara matafiya: ba wanda zai rubuta "in ji wani mai hikima" a jikin kyalle, amma sunan Shehu ko Sardauna ko Mandela yana sa a saurara. Akwai kuma hannuwa da yawa da aiki ɗaya ke bi. Waƙar Tabbat Haƙiƙa, alal misali, Shehu ya tsara ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Wanda ya ciro layi daga ta Hausar ya ce kalmomin Shehu ne, yana iya kasancewa kalmomin Asma'u ko na Isa ya ɗauko.

Yau ɗalibi a Jimeta na iya yin wannan bincike da wayarsa kafin shayi ya huce, in ya san dabara. Dabarar ita ce a mayar da maganar cikin harshen da aka rubuta ta. Shehu ya yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, bai taɓa yi da Turanci ba, don haka neman jimlar da Turanci zai kai mutum ne kawai ga waɗanda suka kwafa daga juna. A manhajar Maktabatus Shamila, wadda ta tara dubban littattafan Larabci, sai a saka muhimman kalmomin, wato `يبقى` da `الكفر` da `الظلم`, ba jimlar gaba ɗaya ba, domin ƙananan kalmomin da ke tsakani sukan sauya daga littafi zuwa littafi. In sakamako ya fito, sai a jera marubutan bisa shekarar rasuwarsu, a buɗe mafi daɗewa, a karanta layin da ke gaban jimlar. Nan ne marubucin ke faɗin daga wa ya ji. In kuma an ce hadisi ne, shafin `dorar.net` yana nuna hukuncin da malaman hadisi suka yanke.

Wannan hanya tana da iyaka. Littattafan malaman Sakkwato da na Adamawa da yawa har yanzu rubutun hannu ne, suna ajiye a gidajen malamai da wurare irin su Gidan Arewa a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Rashin ganin magana a waya bai nuna babu ita ba. Abin da ya nuna shi ne nauyin hujja yana kan wanda ya kawo ta.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna ɗaya maganar da ake jingina wa Shehu, wadda ke kwatanta lamirin mutum da buɗaɗɗen rauni da gaskiya kaɗai ke warkarwa. Jaridar Gadiyan ta Legas, wadda aka kafa a 1983, ita ta yaɗa ta, domin daga gare ta ta samo takenta. Da Turanci take yawo, kuma masu kawo ta ba sa haɗawa da sunan littafi ko babi ko baitin waƙa. Matsayinta bai kai na ta farko ba. Har sai an nuna asalinta na Larabci ko Fulatanci, mai gaskiya zai ce "ana jingina wa Shehu", ba "Shehu ya ce" ba.

Akwai kuma ƙarya tsagwaronta, wadda kalanda kaɗai ke tona mata asiri. Wani hoto mai kama da yankin tsohuwar jarida ya daɗe yana zagaya wayoyi, wai jawabin Tomas Makoli ne a majalisar Birtaniya ranar 2 ga Fabrairun 1835, inda ya ce ya zaga Afirka bai ga maroƙi ko ɓarawo ba, don haka sai an rusa iliminta kafin a mallake ta. A wannan rana Makoli yana Kalkata. Ya tafi Indiya a 1834, bai koma gida ba sai 1838, kuma ya ajiye kujerarsa ta majalisa kafin ya tafi. Abin da ya rubuta a ranar takarda ce kan tsarin ilimi a Indiya, wadda a cikinta ya raina littattafan Larabci da na Sanskirit, akasin yabon da hoton ya saka masa a baki. Tun asali ma sunan Indiya ne a jikin ƙagaggen jawabin, daga baya wani ya goge ya rubuta Afirka. Mutane na karɓarsa ne saboda ya dace da haushin da suke ji na mulkin mallaka, haushin da ke da dalilinsa a Yola, garin da sojojin Birtaniya suka ci da yaƙi a 1901. Amma tarihin gaskiya yana da hujjojin da suka isa, kuma duk wanda ya kafa zance kan jabu, ranar da aka gano shi har gaskiyarsa za a yi watsi da ita.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a zauren karatu. Al-Sakhawi, malamin Masar da ya rasu a 1497, ya rubuta al-Maƙasidul Hasana musamman don bin diddigin maganganun da suka shahara a harsunan mutane da sunan hadisi, kuma a ciki ya ce bai samu asalin wadda ke haɗa son ƙasa da imani ba, ga shi har yau ana jin ta a jawaban ranar 1 ga Oktoba. Malamin makaranta da ke gyara jawabin ɗalibi, da mai gabatar da shiri a rediyo, da mai buga kalanda a kasuwar Jimeta, duk suna iya neman abu uku kafin su saki magana: sunan littafi, harshen da aka rubuta shi, da shekara. In ɗaya ya ɓace, a rubuta "ana cewa", a bar sunan bawan Allah ya huta.