Abin da Tagogin Tsohuwar Jidda Ke Faɗa Game da Gidajenta

Tsohuwar unguwar Jidda, wadda mutanen garin ke kira Al-Balad, tana da gidaje masu hawa uku zuwa biyar, kuma abin da ido ke fara kamawa a jikinsu shi ne wasu manyan akwatunan katako da suka turo kai daga bango suka leƙo titi. Sunan ɗaya roshan, jam'insa rawashin, kalmar da asalinta daga Farisanci take, mai nufin haske ko kafar da haske ke shigowa. Taga ce, baranda ce, kuma wurin zama ne, duk a haɗe. Alhazan da suka taɓa kutsawa kasuwannin da ke kusa da Bab Makka sun wuce ta ƙarƙashinsu, ko da ba su ɗaga kai ba. Wanda ya san abin da zai duba zai iya gane yanayin garin, da kayan gininsa, da hanyar fataucinsa, da tsarin zaman iyalinsa daga wannan katako kaɗai.

Dalilin farko shi ne iska. Jidda tana bakin Bahar Maliya, zafinta mai laima ne, irin wanda mutum ke jiƙewa da zufa ko yana zaune a inuwa, dare kuma ba ya yin sanyin kirki. A ƙasa mai busasshen zafi kamar Kano ko Agadas, dabarar magini ita ce katanga mai kauri da 'yar ƙaramar taga: bangon laka yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi ya sake shi, ɗaki ya kasance da sanyi-sanyi da rana. A inda ake da laima kuwa kaurin bango kaɗai ba ya isa, don jiki ba ya samun sauƙi sai iska ta ratsa ta busar da gumi. Saboda haka maginan Jidda suka buɗe bango sosai, musamman ta arewa da yamma, inda iskar teku ke fitowa, sannan suka rufe buɗin da katako mai ƙofofi domin rana kada ta shigo, idon mai wucewa ma kada ya shigo. Girman taga a tsohon gini yana iya nuna ko zafin wurin busasshe ne ko mai laima.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin fili. Tun zamanin Halifa Usman ɗan Affan, wajen shekarar 647, Jidda ta zama tashar jiragen ruwan Makka. A farkon ƙarni na 16 aka kewaye ta da ganuwa saboda tsoron farmakin Turawan Fotugal, kuma garin ya ci gaba da zama a cikin wannan ganuwa har 1947 da aka rushe ta. Mutane na ƙaruwa, fili bai ƙaru ba, sai gini ya yi sama. Yawancin gidajen ba su da tsakar gida irin wadda aka sani a Damaskas ko a birnin Zariya. Aikin da tsakar gida ke yi, wato ba mata da yara wurin shan iska ba tare da baƙo ya gan su ba, sai aka raba shi gida biyu: rabi ya koma kan rufin bene, rabi ya koma cikin roshan.

Shi roshan, idan aka duba shi daga ciki, dakali ne da aka shimfiɗa wa katifa da matasai. Faɗinsa yakan kai yadda babban mutum zai miƙe ya kwanta, zurfinsa kuma kaurin bango ne haɗe da abin da ya turo waje, kimanin rabin mita ko fiye kaɗan. Daga waje yana da kashi uku. Na ƙasa allunan katako ne a rufe, sau da yawa da sassaƙa, suna zaune kan ƙafafun icce da aka dasa cikin bango. Na tsakiya shi ne mai murafu, waɗanda aka yi da siraran katakai a karkace, ana tura su sama ko a sauke su gwargwadon yadda ake son haske da iska. Na sama kuma wata 'yar rumfa ce da ta fi jikin faɗi, tana jefa inuwa. A gaban murafun akan ƙara wata raga ta katako da ake kira shish, a daidai tsayin fuskar wanda ke zaune, yadda na ciki zai ga titi sarai amma na waje ba ya ganin komai sai duhu. Sirrin abin ba wani boyayye ba ne: titi ya fi ɗaki haske, ido kuma ba ya ratsa raga daga haske zuwa duhu. Da dare, idan aka kunna fitila, lamarin yakan juye, shi ya sa ake sauke murafun.

A nan ne ake bambance Jidda da Alƙahira. Masharabiyyar Masar an fi yin ta da ƙananan guntayen icce da aka kurɗe, aka sarƙa su cikin juna kamar carbi, ba ƙusa ba manne, don katakon ya kumbura ya motse ba tare da ya tsage ba. Ana kuma ajiye tulun ruwa a cikinta iska ta sanyaya shi, dabarar da ta fi ci a busasshiyar iska. Roshan ɗin Jidda ya fi dogara ga faffaɗan allo da murafu masu motsi, kuma akan jera shi daga hawa zuwa hawa har ya rufe kusan duk fuskar gida. Ɗan'uwansa na kusa yana tsallaken teku, a Sawakin ta Sudan, tashar da mahajjatan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙasa suka daɗe suna bi. Gidajen Sawakin sun zube bayan da aka gina Fot Sudan a farkon ƙarni na 20, ciniki ya koma can, aka bar su ba mai gyara.

Katakon kansa shaida ne na fatauci, domin yankin Jidda ba shi da dajin da zai ba da irinsa. Jiragen ruwa ne ke kawo shi daga Indiya da tsibiran Indunusiya, har ana kiran wani nau'insa jawi, wato na Jawa. An fi daraja icen saj, mai jure laima da gara. Bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, jiragen tururi suka yawaita a Bahar Maliya, attajiran Jidda suka yi ƙarfi, kuma yawancin manyan gidajen da ake gani a yau na wannan zamani ne zuwa farkon ƙarni na 20. Tun da kowane allo sai an saye shi daga ƙetare, yawan katakon da ke fuskar gida da ingancin sassaƙarsa su ne ma'aunin arzikin mai shi. Talaka yakan tsaya kan taga mai murfi da ta shafe da bango.

Gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881, kuma Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa bayan ya shiga Jidda a 1925, ya isa misalin yadda ake bin fuskar gida daga ƙasa zuwa sama. Bangon irin waɗannan gidaje na dutsen manƙabi ne, wani farin dutse mai raɓe-raɓe da ya samu daga ƙwarangwal ɗin halittun teku, ana haƙo shi kusa da gaɓa. Ba shi da nauyi, yana yankuwa cikin sauƙi, amma ba shi da ƙarfi, kuma iskar gishiri tana cinsa. Shi ya sa ake shafe shi da farar ƙasa, kuma bayan kimanin kowace mita ɗaya ta tsayi ake shimfiɗa katako a kwance cikin bangon, ya ɗaure shi ya raba nauyi. Waɗannan layukan baƙi-baƙi da ake gani a jikin gini ba ado ba ne. Bango yakan fara da kauri a ƙasa yana raguwa zuwa sama, kuma manyan buɗaɗɗun tagogin suna rage wa raunannen dutsen kaya. Wato ko ba don iska ba, magini yana da dalilin son katako fiye da dutse a hawa na huɗu.

Shinge kuwa babu shi. Gidan yana tsaye ne a kan iyakar titi, ƙofarsa babba ce mai gambu biyu, a jikin ɗayan akwai 'yar ƙaramar ƙofa, khokha, wadda ake shige da fice ta cikinta kullum, sai za a shigar da kaya ake buɗe babbar. Bayan ƙofa akwai dahliz, wanda ke yin aikin da zaure ke yi a gidan Bahaushe, kusa da shi kuma ɗakin karɓar baƙi maza. Bambancin shi ne Bahaushe yana nisanta baƙo daga iyali ta hanyar tsawo, daga zaure zuwa shigifa zuwa cikin gida, a bayan katanga ko darni, shi kuwa mutumin Jidda ta hanyar hawa yake yi: ƙasa ta baƙi da fatauci, sama ta iyali. A can ƙololuwa akwai filin rufi da aka kewaye da gajeriyar katanga mai huje-huje, inda ake kwana lokacin zafi.

Da ganuwa ta faɗi, kuɗin man fetur suka shigo, sai iyalai suka koma sababbin unguwanni. Gidan siminti da aka janye daga titi, aka kewaye shi da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe mai faɗin shigar mota, ya maye gurbin tsohon tsari, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta karɓe aikin roshan. Taga ta ƙanƙance, gilashi ya yi duhu. Tsofaffin gidajen suka koma hannun 'yan haya, wasu gobara ta cinye, wasu suka rufta. Lalacewar tana da alamomi: farin gishiri da ɓarewar shafe a gindin bango na nuna ruwan ƙasa yana hawa, roshan da ya sunkuya gaba na nuna ƙafafun da ke cikin bango sun ruɓe. Gyara da siminti yakan ƙara ɓarna, don yana kulle danshi a cikin dutsen maimakon ya bar shi ya fita kamar yadda farar ƙasa ke yi.

A 2014 hukumar UNESCO ta sa tsohuwar Jidda cikin wuraren tarihi na duniya, kuma ana ta gyaran gidajen. Roshan ya dawo yayi, ana liƙa kwaikwayonsa a otal-otal da sababbin benaye. Rarrabe su ba wuya. Na ainihi murafunsa na motsi, akwai dakalin zama a bayansa, ƙafafunsa sun shige cikin bango, kuma an fi yawaita shi a ɓangaren da iska ke fitowa. Na kwaikwayo an ɗaure shi da kusoshin ƙarfe a kan kankare, iri ɗaya a kowane ɓangare na ginin, kuma idan aka leƙa ta ragar za a tarar da gilashi a rufe a bayanta.