Layin Ɗalibai Dubu Uku: Yadda Ake Zaɓen Makarantun Bincike



A shekarar 2008, Kano na cikin wuraren da aka gudanar da binciken shan taba tsakanin ɗalibai 'yan shekara 13 zuwa 15, irin wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke jagoranta a ƙasashe da yawa. Masu binciken ba su shiga kowace makaranta ba. Zaɓa suka yi, ta hanyar da ke bai wa kowace makaranta dama daidai da yawan ɗalibanta. Yau za mu gwada wannan hanya a ƙaramar hukumar Tarauni. Mai biro da takarda ya matso kusa.

Me ya sa ba za a rubuta sunayen makarantu a jefa cikin hula ba? Domin hula ba ta san girma ba. Makarantar yara ɗari biyu da ta yara dubu, kowacce ƙuri'a ɗaya gare ta, alhali yaran ake son ji daga bakinsu, ba gine-ginen ba.

To mu ƙaddara makarantu biyar ne tsakanin Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku. Misali ne kawai. Ta farko na da ɗalibai 300, ta biyu 900, ta uku 200, ta huɗu 1,000, ta biyar 600. Jimilla 3,000 ke nan, kuma makarantu biyu muke so.

Ku ɗauka an fito da yaran nan duka an jera su layi ɗaya a gefen titin Zariya, makaranta bayan makaranta, kowa da lambarsa. 'Yan ta farko sun riƙe 1 zuwa 300. Da aka ƙara 'yan ta biyu, layi ya kai 1,200. Ta uku ta kai shi 1,400, ta huɗu 2,400, ta biyar ta rufe a 3,000. Wannan tarawar bi da bi ita ce ƙashin bayan aikin, don ita ke nuna inda kowace makaranta ta fara da inda ta ƙare.

Sai tazara. A raba 3,000 gida biyu, a samu 1,500. Daga nan sai ƙuri'ar mafari: lamba ɗaya tsakanin 1 da 1,500, wadda ba son ran kowa a ciki. Wasu ma'aikatan kan ciro takardar naira su karanta lambobi huɗu na ƙarshe, in sun zarce tazarar su ciro wata. A ce 250 ta fito. Yaro mai lamba 250 ɗan makarantar farko ne, ta shiga ke nan. A ƙara 1,500, a samu 1,750. Wannan ya faɗa tsakanin 1,401 da 2,400, wato makaranta ta huɗu.

Wani zai ce an fifita manya. A matakin makaranta, haka ne: damar ta huɗu biyu cikin uku ce, ta farko kuwa ɗaya cikin biyar. Amma ku saurari abin da ya fi burge ni a lissafin nan. A kowace makarantar da aka zaɓa za a ɗauki yara 30 ta ƙuri'a. A ƙaramar, yaro ɗaya cikin goma ke nan. A babbar kuwa, uku ne kacal cikin ɗari. In aka haɗa damar makaranta da damar yaro a cikinta, ta kowane ɓangare amsar ɗaya ce: ɗaya cikin hamsin. Ɗan ƙaramar makaranta da ɗan babba sun zo daidai.

Duk wannan ya rataya ne a kan rajista. Idan alƙaluman da aka karɓo daga sashen ilimi na ƙaramar hukuma sun tsufa, aka je makarantar da aka rubuta wa 300 aka tarar da 600, damar kowane yaro a can ta ragu da rabi, dole a gyara nauyin amsoshinsu wajen lissafi. Makarantar kuɗi ko Islamiyyar da ba ta cikin jerin kuwa, yaranta ba sa kan layin sam.

Akwai kuma makarantar da ta fi tazara girma. Da yawan yaran ta huɗu ya zarce tazara, ƙuri'a na iya sauka a kanta sau biyu. Irin wannan akan cire ta gefe a ce ta shiga kai tsaye, sannan a sake tara sauran a fitar da sabuwar tazara.

Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne musanya don sauƙi. Ƙuri'a ta nuna makarantar da ke can cikin lungu, ruwa ya kwanta a hanya, sai ma'aikaci ya tsaya a ta bakin titi. Mai duba aiki zai gane, in ya nemi takardar tarawa da lambar mafari ya sake ƙirga da kansa. Shi ya sa ake rubuta lambar mafari a ajiye tun kafin a tayar da mota.

Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.