Tazarar Mutum Takwas a Gwajin Kanun Imel

Mai aika saƙon talla ta imel yakan tsaya tsakanin kanu biyu ya rasa na ɗauka. Dabarar da aka saba ita ce gwajin A/B: a raba masu karɓar saƙon gida biyu, kowane ɓangare a tura masa saƙo iri ɗaya amma da kanu daban, sannan a ƙirga waɗanda suka buɗe. Kamfen ɗin Barack Obama na 2012 ya yi suna da wannan, sai dai su adireshin miliyoyin mutane ke hannunsu.

A ce mai sayar da atamfa tana da kwastomomi 400. Ta tura wa 200 kanun "Sababbin atamfofi sun iso", sauran 200 kuma "Rangwamen Sallah zai ƙare ranar Juma'a". Na farko mutum 44 suka buɗe, na biyu 52, wato kashi 22 da kashi 26 cikin ɗari. Da gani sai ta ce rangwame ya ci. Amma tazarar duka mutum takwas ce. Wani ba shi da data ranar, wata tana gidan biki, wani wayarsa na wurin caji, kuma babu ruwan kanu da wannan. Lissafi ya nuna ko da kanu ɗaya tak ta tura wa ɓangarorin biyu, kusan sau ɗaya cikin uku za a samu tazara mai girman wannan ko fiye. Iyakar abin da gwajin ya faɗa shi ne: mai yiwuwa na biyu ya fi da maki 12, mai yiwuwa kuma na farkon ne ya fi da maki 4. In tana son ta kama bambancin maki huɗu da ƙwarin gwiwa, sai ta samu wajen mutum 1,800 a kowane ɓangare.

Wannan ma in rabon ya yi kyau ke nan. Ƙuri'a ya kamata ta raba su, a kuma tura a lokaci guda. In tsofaffin kwastomomi suka taru a ɓangare ɗaya, su aka auna, ba kanu ba. Sai kuma zumuɗi, wanda a ganina ya fi ɓata gwaji: mutum ya yi ta leƙa sakamako, da zarar kanun da yake so ya shiga gaba sai ya rufe. A tsayar da lokacin rufewa tun kafin a tura.

Ita kanta ƙidayar buɗewa ta yi rauni. Tun 2021 manhajar Mail ta Apple kan sauke hotunan cikin saƙo da kanta, sai a lissafa an buɗe alhali ba wanda ya karanta.

Mai atamfar ta rubuta "44 cikin 200, 52 cikin 200, babu bambanci bayyananne". Ta maimaita gwajin rangwame da sabon kaya a saƙonni tara ko goma masu zuwa, ta haɗa alƙaluman, tana duba har da yawan waɗanda suka yi oda.